Iya Inda Hannun Yaya Ya Kai

Auta ake ce mata, duk da furfura ta riga ta cinye kanta, kuma ta ajiye jikoki. Da sunan ta tashi, da shi ta tsufa, har yaran da ta girmi iyayensu sai su ce Inna Auta. Ita ba ta damu ba. Cewa take sunan ne kaɗai abin da ta gada daga mahaifinta wanda bai ƙare ba.

Rabin rayuwarta ta yi shi ne a durƙushe. Tun tana da ƙuruciya ta samu aikin shara da wankin banɗaki a wani masaukin baƙi kusa da tashar mota, ta kuma zauna a nan har gwiwoyinta suka fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Baƙi su zo su tafi, ita tana nan da bokiti da burushi, tana goge abin da suka bari. Abin da ya fi ba ta wahala a aikin shi ne tsatsa. Ƙazanta kam ruwa da sabulu sun ishe ta, amma jan layin da ke gangarowa daga ƙarƙashin abin rataye tawul, sai ta dirje shi har kafaɗarta ta riƙe, bayan kwana kaɗan ya dawo. Da ta bar aikin ta yi rantsuwa ba za ta sake wanke banɗakin wani ba sai nata.

Mijinta ya rasu ya bar ta a ɗaki biyu na haya. 'Yarta ta yi aure nesa, ɗanta kuma aiki ya ɗauke shi wani gari. Ta ɗauka lokacin miƙe ƙafa ya zo. Tana cikin wannan lissafin aka kawo mata Yaya a bayan mota.

Yaya shi ne babban wansu, shi ya riƙe ta bayan rasuwar uba. Direban babbar mota ne, mutum mai faɗin ƙirji da babbar murya, wanda in ya yi dariya sai kajin maƙwabta su watse. Matarsa ta daɗe da rasuwa, Allah kuma bai ba shi haihuwa ba. Yana tsaye a wurin lodi yana faɗa da masu ɗaure kaya ya yanke jiki ya faɗi. Da aka sallame shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafar tana ɗan ja, hannun kuwa ya zama kaya. Magana ta dawo masa, sai dai a karkace take fitowa.

Auta ba ta yi shawara da kowa ba. Ta share masa ɗakin ciki, ta koma falo da katifarta. Ba shi abinci, juya shi, wankin zannuwa, tallabarsa zuwa ƙofa don ya sha iska, duk ta ɗauka ba ƙorafi. Wanka ne ya gagara.

Da farko ɗanta ya ɗauki hutu yana yi masa, hutun ya ƙare ya koma. Sai mai aski, tsohon abokin Yaya da ke da shago a bakin layi, ya karɓa. Shi ma tsoho ne, baya ya dame shi, ga shago ba mai jira. In ya zo yau, sai a daɗe ba a gan shi ba.

Wata rana da warin ɗakin ya ishe ta, Auta ta ce, "Yaya, ka bari in yi maka mana. Ka ɗaura zani, in rufe ido. Ni da na tsufa a banɗakin mutane, me ya rage ban gani ba?"

Ya juyar da fuska bango. "Ni na goye ki, Auta. Ni na share miki majina. Ba za ki yi mini wanka ba ina numfashi."

Sai suka yi sulhu. Ta sa masa kujerar roba a banɗaki, ta kai ruwan ɗumi a bokiti, ta tallabe shi har ya zauna, ta ja ƙofa ta tsaya a waje. Shi zai yi sauran da hannun hagu.

Banɗakin ƙarami ne, da farin tayil har ƙirjin mutum. Duk abin da ke cikinsa an yi shi ne don mai ƙafa biyu da hannu biyu. Sabulu a bakin taga yake zama, can sama. Tufafi a jikin wasu ƙusoshi biyu da wani tsohon ɗan haya ya buga a bayan ƙofa, sun yi ja sun kumbura. Sandar rataye tawul kuwa, irin mai ƙyallin nan da ke ɓarewa kamar fatar albasa, tana bangon dama, wato ɓangaren da ya mutu.

Saboda haka wankan Yaya ya zama kira. Ta ɗora masa sabulu a cinya, ya suɓuce ya tafi bayan masai. "Auta!" Ta zura hannu ta ƙofa, fuskarta a waje, tana lalube da tsinken tsintsiya. Ta ajiye tawul a bayan kujera, kafin ya gama ya jiƙe sharkaf. "Auta!" Ta rataye masa farar riga a ƙusa, ya fizgo ta daga zaune, ta fito da jan tabo a wuya, ko ta yage. Kowane wanka sai ta fito da ciwon wuya saboda kau da kai, shi kuma ya fito yana huci, ya yini bai yi mata magana ba.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Ya gama, ya ƙi kira. Ya karkata ya miƙa hannun hagu ta gaban ƙirjinsa zuwa bangon dama, ya kama sandar tawul, ya ce bari ya ja jiki ya tashi da ita. Sukurorin da ke riƙe da ita sun daɗe da zama gari a cikin bango. Sandar ta taho masa a hannu, kujera ta zame, ya faɗi tsakaninta da masai.

"Kada ki shigo!" Abin da ya fara faɗa ke nan. "Wallahi kada ki shigo!"

Ta fita ba takalmi, ta yi shagon mai aski, ta tarar ya aske rabin kan wani. Kafin su dawo Yaya ya daɗe kwance a ruwan da ya huce, haƙoransa na haɗuwa. Bai karye ba, sai ƙujewa a kwiɓi da wata 'yar tsaga a goshi. Amma daga ranar ya ce shi da wanka har abada. Ya yarda a ba shi jiƙaƙƙen tsumma ya goge inda ya iya, shi ke nan.

Makonni suka wuce. Fatarsa ta fara yin ƙuraje a matsematsi, ƙuda ya sami wurin zama. Auta ta gwada dabarunta. Ta sayo ƙugiyoyin roba masu gam a baya ta manna a tayil, damshi ya sa suka zubo ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaura igiya daga taga zuwa ƙofa, ta ga in mutum ya zauna a wuya za ta shaƙe shi, ta kwance. Ta koma ta zauna a bakin katifa ta zuba wa ƙafafunta ido. Ko kuka ba ta iya yi ba don gajiya.

Famfon banɗakin ne ya fara ɗiga, ta kira mai famfo. Mutum ne mai matsakaicin shekaru, idanunsa kullum kamar bai yi barci ba, yana tafe da jaka mai nauyi da ta karkatar masa da kafaɗa. Yana canza robar famfon ya ga ramuka biyu a bango da jan layi a ƙarƙashinsu.

"Inna, wa ya tumɓuke wannan?"

Ta ba shi labari a taƙaice. Ya girgiza kai ya ce ai sandar tawul ko sabuwa ce ba a yi ta don ɗaukar mutum ba, tawul kawai ta sani. In ana son abin kamawa, wannan daban ne, mai kauri. Ya zaro abin awo daga aljihu ya fara sa alama a inda ya saba sa wa kowa, daidai ƙirjinsa.

"Ɗana, a zaune fa yake yi," in ji Auta. "Kuma hannu ɗaya gare shi, na hagu. Shi ma ba ya wuce kafaɗa sosai."

Mai famfo ya tsaya, ya goge alamar da babban yatsa. "To ba bango zan auna ba ke nan. A kawo mini shi."

Nan aka sha fama. Yaya ya ce shi ba gawa ba ne da za a zo ana gwada shi. Auta ta roƙa, ta yi fushi, ta sake roƙo. Daga ƙarshe ta ce, "Yaya, bayana ya ƙare. Ko ka tausaya wa kanka, ko ka tausaya mini, zaɓi ɗaya." Da ita da mai famfo suka kama shi, bai ture su ba.

Suka zaunar da shi a kujerar da kayansa a jiki, suka juya ta yadda bangon da ba ruwansa da ƙofa zai kasance a hagunsa, kusa. Mai famfo ya ba shi guntun gawayi ya ce, "Baba, kada bayanka ya bar jikin kujera. Ka ja mini layi iya inda hannunka ya kai ba tare da ka yi nishi ba. Sama, gaba, baya."

Yaya ya ja. Gawayin ya tashi daga wajen gwiwarsa, ya hau har ɗan sama da kafaɗa, ya lanƙwasa ya sauko kaɗan a bayan kunnensa. Layin ya yi kamar ɗan bakan harbi, bai fi faɗin manyan faranti biyu ba. Su uku suka zuba wa layin ido.

"Kai," in ji Yaya da karkataccen bakinsa. "Mutumin da ba garin da bai kai kaya ba. Dubi filin da ya rage masa."

Mai famfo bai yi dariya ba, bai kuma yi jaje ba. Ya durƙusa ya fara rabon filin. Kantar sabulu a gaba, daidai gwiwar hannu, yadda za a ɗauka a mayar ba a ɗaga kafaɗa ba. Sandar kamawa a tsakiya, a kwance, kaɗan sama da ƙugun mai zaune, inda zai danna ya tashi. Tawul can baya wajen kafaɗa, nesa da bokiti, don ruwan da zai watsa kada ya kai shi. Ƙugiyoyin tufafi a ƙarshen layin ta baya, masu dunƙulallen kai da ba za su yaga riga ko fatar mutum ba. Ya ce kanta kada a sayo ta gilashi, a samo mai ramuka a ƙasa don ruwa ya tsiyaye, mai ɗan baki a gefe da zai tare sabulu.

Ya ƙwanƙwasa bangon da bayan sukundireba, yana saurare. Ya ce bulon mai rami ne a ciki. Zai riƙe kanta da tawul, amma nauyin Yaya sai an huda bangon har waje an ɗaure da dogon noti da farantin ƙarfe ta baya. Sa'ar da aka yi bangon na waje ne, kuma bututun ruwa ta wancan gefen ya bi.

Sayen kayan Auta ta ce ita za ta je. Ya ba ta wani ɗan maganaɗisu da ya ciro daga tsohuwar rediyo. Ya ce ta nemi ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na tasoshin asibiti, ko alminiyam, ko roba mai kauri. Duk wanda maganaɗisun ya cafke da ƙarfi ta ajiye shi, baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ƙyalli. "Amma kada ki ba shi amana duka, Inna. Akwai wanda ba ya kamawa kuma yana tsatsa daga baya. Ki ɗaga ki ji nauyi, ki tambayi mai shago ya gaya miki tsakaninsa da Allah."

Ta bar Yaya a hannun mai aski ta shiga kasuwar kayan gini da rana tsaka. Ko'ina ƙyalli, kowane mai shago kuma rantsuwa yake nasa har jikoki za su gada. Ta riƙa zaro maganaɗisun daga bakin zani tana taɓawa, yana mannewa ƙam, tana wucewa. Wani ya ce mata, "Mama, sayayya kika zo ko duba?" Ta yi gaba abinta. A wani shago can ciki ta samu sandar da maganaɗisun ya zame a kanta, mai nauyi, ba ta da ƙyallin yaudara. Har an fara naɗe mata, sai ta ce a buɗe 'yar ledar sukurorin da ke cikin kwalin. Ta kai maganaɗisun, suka yi tsalle suka manne masa gaba ɗaya.

Ta san wannan tun a masauki. Duk jan layin da ta dirje a rayuwarta daga kan sukuru yake farawa, ko da sandar kanta lafiya lau take. Mai shagon ya ce haka kamfani ke haɗo su, amma yana da na ƙarfen kirki daban, da na tagulla. Ta saya, har da noti da farantin waje. Ta dawo gida da ƙafafu a kumbure, ta tarar Yaya da mai aski suna musu a kan wata hanya da aka daina bi tun kafin a haifi ɗanta.

Mai gidan haya ya zo da kansa ya tsaya a kan aikin, yana ta nanata kada a fasa masa tayil. Mai famfo ya manna tef a kowace alama don kada bakin injin huda ya zame, ya huda tayil a hankali ba tare da bugu ba, sai da ya wuce shi ya ƙara wa injin ƙarfi. Duk da haka ɗaya ya tsage a kusurwa. Mai gida ya yi ta faɗa, Auta ta ba shi haƙuri har bakinta ya bushe. Kowane rami sai da aka cusa masa 'yar roba, aka matsa gam mai hana ruwa shiga, sannan sukuru ya bi. Tsofaffin ramukan ma aka toshe, aka zare ƙusoshin bayan ƙofa. Ƙafafun kujerar aka sa musu takalmin roba, aka shimfiɗa tabarmar roba a ƙasa. Da ya gama, mai famfo ya kama sandar kamawa da hannu biyu ya saki duk nauyinsa a kanta, ya jijjiga. Ko motsi.

Yaya ya ƙi ko leƙawa. Auta ta ƙyale shi. Ta rataye tawul, ta ɗora sabon sabulu, ta ci gaba da kai masa jiƙaƙƙen tsumma. Aka kwana, aka tashi, aka sake kwana. Har ta fara cewa a ranta wahalar banza ta sha.

Wata safiya tana shanya, ta ji muryarsa daga ɗaki. "Auta. Ɗora ruwa."

Ta zaunar da shi, ta ja ƙofa, ta jingina da bango tana jiran kira. Ta ji ƙarar kofi a bokiti, ta ji ruwa na zuba. Ta ji an ajiye sabulu a kanta, an sake ɗauka. Can sai ta ji nishi da ƙarar ƙafar kujera, sannan shiru kuma. Ƙafafunta suka gaji, ta zame ta zauna a ƙasa. Ba ta san sanda barci ya ɗauke ta ba.

Bugun ƙofa ne ya tashe ta. Ta buɗe ta same shi zaune, ya saka wando, ya zura riga a baibai, da kumfa a bayan kunne.

"Tun ɗazu nake bugawa," in ji shi. "Kuma wannan tawul ɗin kamar buhu. Ba wani a gidan?"

Ta goge masa kumfar da bakin mayafinta, bai hana ta ba.

Aiki bai ragu sosai ba. Wanki yana nan, ɗagawa da kwantarwa suna nan, bayansa kuma sai mai aski ya zo yake samun cuɗa. Bayan wasu watanni hannun hagun ma ya fara nauyi, aka sake kiran mai famfo ya sauko da tawul da ƙugiyoyin ƙasa kaɗan, ya toshe ramukan sama. Mai gida ya sake faɗa. Amma Yaya ya ci gaba da rufe ƙofa a kan kansa, ƙurajen suka bushe, kuma bangon ya zauna fari, ba jan layi ko ɗaya da za ta dirje.

Ita ce ta shiga wata matsalar. Komai na banɗakin ya koma ƙasa, in ta tsaya wanka sai ta sunkuya ta ɗauki sabulu, ta sunkuya ta ɗauki tawul, bayanta na ƙara. Ta jure na ɗan lokaci, rannan ta ja kujerar Yaya ta zauna. Ta daɗe tana zuba ruwan ɗumi a gwiwoyinta, har ya huce ba ta tashi ba.

Washegari ma ta sake, da ta fito Yaya na zaune a bakin ƙofar ɗakinsa yana kallonta ta wutsiyar ido.

"Wa ya ba ki aron kujerata?"

"Gwadawa na yi."

"To ki riƙa mayar da ita yadda kika same ta. Jiya kin karkatar mini da ita, da ƙyar na kai ga sabulu."

Ta ce to. Ta koma ta gyara kujerar, ta daidaita ta da sandar kamawa, sannan ta fito ta ɗauki kwandon wanki, don rana ta riga ta yi sama.